Takardar Sarin Sabulu Mai Tulu

A shekarun da aka ce za a gina sabon babban birnin ƙasa kusa da mu, garinmu bai riga ya koma Suleja ba, Abuja muke ce masa. Ni da maigidana muna zaune a Kwamba, muna yin sabulun wanki a bayan gida. Shi ke haɗa manja da soda a cikin rabin duro, ya zuba a akwatunan katako, idan ya daskare ya yanka shi sanda-sanda da waya. Ni kuma ina buga wa kowace sanda hatiminmu, hoton tulu, in jera su a kan katakai su sha iska. Sai sun yi mako huɗu muke sayarwa, don kafin nan soda ba ta gama mutuwa ba, tana cin hannu. A kasuwannin ƙauye ba a san sunanmu ba. Mai tulu kawai ake cewa.

Da baƙi suka fara cika gari, masu sari suka yi mana yawa. Maigidana mutum ne mai kunya, kowa ya zo da farashin da yake iya matsa masa. Wata rana masu kanti biyu suka haɗu a ƙofar gida, ɗaya ya ji an sayar wa ɗan'uwansa da rangwamen kwabo talatin, rigima ta tashi har sai da maƙwabta suka shiga tsakani. Ranar na ce masa mu rubuta komai a takarda, kowa ya ga abu ɗaya. Na koyar a firamare shekara uku kafin aure, saboda haka rubutun ya faɗo kaina.

Kwana uku muka yi muna gardama a kan layin farko, wato mafi ƙarancin abin da za mu sayar a farashin sari. Katan ɗinmu sanda ashirin ne. Maigida ya ce katan biyar, don masu ɗaukar ɗaya ko biyu suna cinye masa yini da ciniki. Ni kuwa ina tunanin wata tsohuwa da ke zuwa daga Lambata duk mako biyu. Iya muke ce mata. Tun muna yin rabin duro a wata take saye a wurinmu, kuma ba ta taɓa wuce katan biyu ba. Muka tsaya a kan uku, na ƙara cewa mutum biyu ko uku suna iya haɗa kuɗi, amma ɗaya ne zai zo ya ɗauka. Da na faɗa wa Iya ta ce ai tana da maƙwabciya mai tebur, za su haɗa.

Akwai wani dattijo mai tafireta da ke zama a ƙarƙashin bishiyar mangwaro kusa da kotu, yana buga wa mutane takardu. Na kai masa abin da na rubuta da hannu. Ya sa tabarau, ya karanta a hankali, ya ɗora yatsa a wani layi.

"'Yata, kin ce daga uku zuwa goma naira huɗu, daga goma zuwa ashirin da biyar naira uku da kwabo saba'in. Wanda ya zo ɗaukar goma cif, nawa zai biya?"

Na sake duba layin, na ga goma ta fito sau biyu.

"A nan wurin na ga mutane sun daina gaisawa a kan abin da bai kai wannan ba," in ji shi.

Muka gyara: uku zuwa tara, goma zuwa ashirin da huɗu, sai ashirin da biyar zuwa hamsin a kan naira uku da kwabo arba'in kowane katan. Ya sa na ƙara cewa lissafin na saye guda ne a rana guda, kada wani ya tara na wata uku ya ce a ba shi rangwame. Ya tambaye ni katan nawa muke iya yi a mako, na ce arba'in idan manja ya samu. Ya ce to in rubuta cewa abin da ya wuce hamsin sai an zauna, an ba da rabin kuɗi, an jira kaya su bushe.

Saura maganar samfur, wato ɗan abin da ake ba mai son sari ya je ya gwada. Abin da na rubuta shi ne rabin sanda, mutum ɗaya sau ɗaya, kyauta. Mai son cikakkiyar sanda ya saya a farashin ɗaiɗai, in ya dawo sari a cire masa. Dattijon ya ba ni shawarar layi na ƙarshe: ba mu da wakili a ko'ina, kaya a gidanmu kaɗai ake ɗauka. Na ce zan nuna wa maigida, in ya yarda a buga.

Da na dawo gida na tarar da farar mota ƙirar fikof a ƙofa. An ɗaure bayanta da tamfol, an ja igiya tam. A zaure akwai baƙo tare da maigida. Mutum ne mai tsafta, riga fara, hula a karye gefe, murya ƙasa-ƙasa. Hausarsa ba ta nuna garin da ya fito ba. Na gaishe shi na wuce, amma na tsaya bayan ƙofar zaure da tiren ruwa.

Ya ce shi ɗan kasuwa ne, yana kai kaya sansanonin leburori da kasuwannin hanyar Minna. Ya ji labarin mai tulu tun daga nesa. In kayan sun yi masa, katan ɗari biyu zai riƙa ɗauka duk wata. Na ji maigida ya gyara zama.

Aka kawo masa sanda ɗaya. Masu sari da na sani shinshinawa suke yi, ko su danna da babban yatsa, ko su nemi ruwa su ga kumfa. Shi wannan ya juya sandar, ya daɗe yana kallon tulun, ya bi gefensa da farce. Sannan ya taɓa sabulun da kan harshensa. Mai dafa sabulu kaɗai ke yin haka, don ya ji ko da sauran soda. Ban taɓa ganin wani ya yi ba sai maigidana.

"Ya nuna," in ji baƙon. "Mako nawa kuke barinsa?"

"Huɗu, Alhaji."

"Huɗu." Ya yi murmushi. "Kuna da haƙuri."

Maigida ya kira ni in karanta masa takardar. Na karanta daga bakin ƙofa. Bai ce komai ba a kan farashi, ko neman ragi bai yi ba, abin da ya ƙara ba ni mamaki. Sai da na zo kan samfur ya ɗaga hannu.

"Malam, rabin sanda ai na masu tebur ne. Ni wurin manyan mutane zan shiga. In fito da guntun sabulu daga aljihu, su ce me? Ka ba ni ashirin cikakku, kowanne da tulunsa, da takarda goma. Wannan layin na wakili kuma a cire shi. In na nuna takarda tana cewa ba ku da kowa a waje, ai ni na zama maƙaryaci."

Ya ce zai dawo jibi. Da ya tashi na leƙa ta taga. Kafin ya shiga mota sai da ya zagaya ya taɓa kowane ƙulli na igiyar tamfol ɗin. Iska ta kaɗo daga wajen motar, na ji wani wari mai kama da na bayan gidanmu ranar dafuwa.

Da la'asar na faɗa wa maigida abin da na gani.

"Don mutum ya san sabulu sai ya zama laifi?" ya ce. "Wataƙila ya taɓa yin sana'ar."

"To me ya sa bai faɗa ba? Kuma me ke cikin motar?"

"Kayansa. Ke mai binciken motoci ce?"

"Malam, ka bar layin wakilin nan yadda yake, kada a cire. In da gaske yake, ya saya a farashin ashirin da biyar ya sayar da sunansa, kamar kowa. Ba ya bukatar ya zama mu."

Maigida ya ce shekara tara yana juya duro da muciya, hannuwansa duk tabon soda, yau Allah ya kawo wanda zai ɗaga shi, ba zai kore shi da guntun sabulu ba. Ban taɓa jin ya faɗi yawan shekarun ba sai ranar. Na yi shiru, kuma har yau ina ganin shirun nan nawa yana cikin abin da ya faru.

Washegari shi da kansa ya kai takardar wurin mai tafireta. Ya dawo da kwafi talatin. Layukan farashi suna nan yadda muka tsara. Na samfur ya koma: samfur kyauta ne ga duk ɗan kasuwar da ya nema. Ba adadi, ba girma. Layin wakili babu shi. Ya ce dattijon ya tambaye shi sau biyu ko ya tabbata, daga nan ya buga. Muka shafa wa hatimin tulu tawada muka danna a ƙasan kowace takarda.

Baƙon ya dawo ranar da ya ce. Ya sayi katan uku, daidai ƙa'ida, ya biya nan take. Ya karɓi sanda ashirin da takarda goma, ya naɗe takardun a cikin leda da kulawa kamar takardun fili. Maigida ya tambaye shi inda za a same shi, ya ce shi mutumin hanya ne, shi zai neme mu. A gaban mota ya sa kayanmu, bai kwance tamfol ba.

Mako biyu, uku, ba labari. Maigida ya ƙara yawan dafuwa don kada katan ɗari biyu su zo su same mu hannu wofi. Katakai suka cika, muka fara jera sabulu har a ɗakin baƙi. Duk ƙarar mota sai ya fita ƙofa.

Abin da na fara lura da shi ba rashin zuwan baƙon ba ne. Mutanen hanyar Lambata ne suka ɗauke ƙafa. Akwai wani mai kanti da ke ɗaukar katan goma duk wata, bai zo ba. Wasu mata biyu da ke haɗa kuɗi, ba su zo ba. Masu sarin cikin gari suna zuwa kamar kullum, takarda ta yi mana aiki a wajensu, ba mai gardama. Amma daga wancan ɓangaren shiru. Wata rana a babbar kasuwa na hango mai kantin nan wajen masu gishiri. Na tabbata ya gan ni. Ya juya ya shige cikin mutane.

Iya ma ta tsallake zuwa ɗaya. A na biyu ta zo da hantsi, ba kwando, ba maƙwabciya. Ta ƙi zama a tabarma, ta tsuguna a bakin rijiya ta kwance bakin zaninta, ta fito da sandar sabulu ta miƙo mini.

"'Yar nan, duba mini wannan. Naku ne?"

Launin ɗaya, tsawon ɗaya, ga tulu a tsakiya. Sai da na kai shi rana na ga wuyan tulun ya fi namu kauri kaɗan. Maigida ya karɓa ya taɓa da harshe, ya tofar da sauri, ya nemi ruwa. Ya karya sandar, cikinta ya marmashe, da fari-fari kamar an barbaɗa gari.

Iya ta ce wani mai farar mota yana bin kasuwanni da takardarmu. Yana ba masu kanti sanda ɗaya kyauta su gwada, su ga sabulu mai kyau. Kasuwa mai zuwa sai ya kawo katan-katan. Yana cewa shi wakilinmu ne, mun hutar da su zuwa gari. Mata sun fara kuka da hannu, fata tana saɓulewa tsakanin yatsu. A wani ƙauye gaba da Lambata wata ta yi wa jaririyarta wanka da shi, fatar bayan yarinyar ta ƙone.

"Mai garin yana neman masu tulu," in ji Iya. "Na ce na san ku, zan zo da ku. Gara ku je da ƙafarku."

Muka tafi washegari a motar haya, ni da shi da Iya, da kwafin takarda da hatimi da sanda biyar namu. Da muka sauka, mutane suka bi mu da ido tun daga bakin titi har ƙofar mai gari. Ba wanda ya zage mu. Wasu samari suna tafe a bayanmu, ba sa matsowa, ba sa barinmu.

A zauren akwai masu kanti huɗu, da mahaifin yarinyar, da wani malamin makaranta da aka kira ya yi karatu. Mai gari ya ajiye takarda a gabansa, ɗaya daga cikin goman nan, ta yi datti a wajen ninki.

"Wannan taku ce?"

"Tamu ce, ranka ya daɗe," in ji maigida.

"Kai ka ba shi?"

"Ni na ba shi."

Aka yi gunaguni a waje. Maigida ya nuna hatimi, aka gwada shi a kan sandar bogi, bai zauna ba. Wani mai kanti ya ce mutum yana iya yin hatimi biyu. Na nemi izini in yi tambaya, mai gari ya ce in yi. Na tambayi masu kantin katan nawa kowa ya saya, kuma a kan nawa. Ɗaya ya ce katan ɗaya. Wani ya ce biyu. Wani rabin katan ma aka raba masa. Dukansu a kan naira uku kowane katan.

Na roƙi malamin ya karanta layukan farko. Ya karanta da ƙarfi: ba a sayar da ƙasa da katan uku, kuma ko mai ɗaukar hamsin ba ya samun ƙasa da naira uku da kwabo arba'in. Na ce masu sarinmu na gari suna nan, a aika a tambaye su ko mun taɓa saɓa wannan ga wani. Ta yaya wakili zai ɗauko kaya, ya sa mai a mota, ya sayar da katan ɗaya ƙasa da yadda mu muke sayar da hamsin a ƙofar gidanmu?

Mai gari ya dubi masu kantin. Ɗaya daga cikinsu, wanda ya iya karatu, ya sunkuyar da kai. Ya ce ya ga layin, ya tambayi mutumin, shi kuma ya ce rangwame ne na sabon shiga.

"Ka ga arha ka rufe ido," in ji mai gari. Sannan ya juyo gare mu. "Na yarda kayan ba naku ba ne. Malam, karanta sauran."

Malamin ya karanta layin samfur. Mai gari ya tambayi sanda nawa muka ba mutumin, maigida ya ce ashirin. Ya tambaya ko akwai wurin da takardar ta ce ba mu aiko kowa ba. Malamin ya juya ta, ya duba baya, ya ce babu.

Mai gari ya ce, "Mutanena yawancinsu ba su yi karatun boko ba. Tulu suka gani a takarda, tulu suka gani a sabulu mai kyau. Sanda ashirin, ƙofa ashirin ke nan kuka buɗe masa. Kun san sunansa? Garinsu? Lambar motar?"

Ba mu san ko ɗaya ba. Na ji maigida yana numfashi a gefena. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba.

Aka yanke cewa mu ɗauki nauyin maganin yarinyar da na matan da hannunsu ya ƙone, masu kanti kuma su tattaro sauran sabulun a binne, asarar kuɗinsu tasu ce. Kafin mu tafi na ce ina son ganin yarinyar. Uwar ta fito da ita kwance rub da ciki a kan hannunta, an rufa mata ƙyalle mara nauyi. Ba ta kai wata biyar ba. Uwar ta ɗaga ƙyallen, ta bar ni na gani, ta mayar. Na yi mata sannu, ta juya ta koma ciki da ita. Daga baya Iya ta kawo labari cewa yarinyar ta warke, amma da tabo.

Mai farar mota ba a sake ganinsa a wannan hanyar ba. An ce an ga irin motar wajen Kaduna, an ce wajen Keffi, ba wanda ya tabbatar. Takardunmu guda tara suna hannunsa, ko suna wasu garuruwan da ba mu sani ba, kuma wannan ya daɗe yana damuna. Duk baƙon da ya yi sallama a ƙofa sai na fara duba hannunsa ko da takardarmu kafin in ji abin da ya kawo shi.

Maigida ya sassaƙa sabon hatimi. Muka buga sabuwar takarda, wannan karon har da ajami a bayanta, samfur ya koma rabin sanda, kowace takarda da lamba da sunan wanda aka ba. Shi da kansa ya ce a sa maganar wakili a sama, kafin farashi. Sabulun da muka tara ya ɗauke mu wata huɗu kafin ya ƙare.

Ranar wata kasuwar Lambata na bi Iya da katan biyu. Ta sa aka kawo kwano da ruwa, na zauna gefen teburinta ina wanke hannu da fuska da sabulunmu a gaban duk wadda ta tsaya. Mata suna zuwa, su kalli hannuna, su wuce. Na wanke har fatata ta yi yaushi. Wajen azahar wata ta tsaya ta daɗe, ta kama hannuna ta juya shi, ta buɗa tsakanin yatsun. Ta ce a yanka mata rabin sanda, ta biya, ta ce za ta fara gwadawa a kan tsumma. Ita kaɗai ta saya ranar. Na bar wa Iya sauran, na hau motar ƙarshe kafin la'asar.